Rubuta takardar sulhu tsakanin abokan aiki biyu ba tare da ɗora wa kowa laifi ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ce mai kula da harkokin ma'aikata a wata ƙungiyar manoma a nan Maradi. Mai mangazarmu da akantarmu sun yi wata biyu ba sa ga-maciji, saboda takardun fitar da kaya da ba sa isa ofis da wuri, da kuma wata magana da ta yi a gaban 'yan dako cewa buhunan wake sun yi ƙasa. Jiya na zaunar da su, sun daidaita. Yanzu an ce in rubuta abin da aka cimma su sa hannu. Yaya zan rubuta shi don kada wani ya ga kamar na goyi bayan ɗan'uwansa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki rubuta ta yau, ko gobe da safe in ta yi nisa. Da ma a ce tun a ɗakin aka rubuta, kafin kowa ya tashi daga kujerarsa, domin da zarar mutum ya koma gida ya ba iyalinsa da abokansa labari, sai abin da ya faɗa a zaman ya fara sauya kama a ransa. Wannan a ce masa ya yi sanyi da yawa, waccan a ce mata an raina ta. Bayan kwana uku kowa zai tuna zaman ta hanyar da ta fi masa daɗi. Tunda an riga an tashi, ki yi daftari, ki sake kiran su na minti ashirin ku karanta tare.

Takardar nan ba rahoton zama ba ce, kuma ba hukunci ba ce. Aikinta ɗaya ne: ta faɗi abin da kowannensu ya ɗauki alkawarin yi daga yanzu. Ga yadda za ki gwada ta idan kin gama. Ki ɗauka wani da bai san labarin ba ya karanta. Ya kamata ya iya faɗin abin da mai mangaza zai yi ranar Litinin da yamma, da abin da akanta za ta yi idan ta ga lissafi bai zo daidai ba. Amma idan aka tambaye shi wa ke da laifi a cikinsu, ya rasa amsa. Idan ya iya cankar mai laifi daga rubutunki, to kin karkata a wani wuri, ko da ba ki yi niyya ba.

Wurin da aka fi karkata shi ne sakin layin farko, inda ake faɗin dalilin zama. Hannu yakan so ya ba da labari: an samu jinkirin takardu daga wajen mai mangaza, wanda ya sa akanta ta yi zargin ɓatan buhuna a gaban 'yan dako. Jimla ɗaya ce, amma ta yanke hukunci biyu. Ta tabbatar da cewa jinkirin daga gare shi yake, alhali wataƙila shi cewa yake yi yana kaiwa yana tarar da ofis a rufe. Ta kuma kira maganarta zargi, alhali ita cewa take yi tambaya ce kawai ta yi. Ba aikinki ba ne ki raba wannan gardama, kuma ba a raba ta a zaman ba. Abin da za ki rubuta shi ne sunan batutuwan, ba labarinsu ba: sun tattauna kan yadda takardun fitar da kaya ke isa ofishin lissafi, da yadda ake tayar da magana idan an ga bambanci tsakanin littafi da abin da ke cikin mangaza. Shi ke nan. Layi biyu sun isa, kuma duk wanda ya nemi a ƙara masa bayanin yadda abin ya faro, ki gaya masa an riga an saurari wannan a zaman, takarda ta abin da ke gaba ce.

Sai kalmomi. A Hausa akwai ƙananan kalmomin da ke ɗauke da tuhuma a cikinsu, kuma mai rubutu ba ya jin nauyinsu sai wanda aka rubuta a kansa. Babbarsu ita ce "daina". Idan kika rubuta cewa zai daina riƙe takardu, kin sa shi ya sa hannu a kan cewa da yana riƙewa. Haka "ba za ta sake ba" da "ba zai ƙara ba": duk suna cewa an taɓa yi. "Zai gyara" na nufin ya ɓata. "Ya amince zai" na nuna kamar an sha fama da shi kafin ya sauko, musamman idan a wajen ɗayan kika rubuta "za ta" kawai. Ko "ma" da "dai" suna iya yin ɓarna: "shi ma zai riƙa gaishe ta" ya mai da shi mai bin baya, ita ce ta fara kyautatawa. Maganin duk wannan shi ne ki juya kowane alkawari ya zama abin da za a yi, ba abin da za a bari ba, kuma ki yi amfani da gini ɗaya ga su biyun. Maimakon ba za ta sake yi masa magana a gaban 'yan dako ba, sai ki ce idan tana da tambaya kan lissafin kaya za ta yi masa ita a ofis, su biyu. Ma'anar ba ta canza ba, ita ma ta san abin da ake nufi, shi ma ya sani, amma babu wanda ya sa hannu a kan takardar amsa laifi.

Akwai kuma kishiyar wannan kuskure, wanda masu gudun ɓata wa kowa rai suke faɗawa ciki. Shi ne a ɓuya a bayan "za a". Za a riƙa kai takardu da wuri, za a riƙa mutunta juna, za a kiyaye. Wa zai kai? Da wuri ƙarfe nawa? Irin wannan rubutu yana da daɗin sa hannu, domin bai ɗaure kowa ba, kuma shi ya sa ba ya kai mako biyu. Rashin ɗaukar ɓangare ba ya nufin ɓoye sunan mai alkawari. Laifin baya ne ba a jingina wa kowa. Aikin gaba kuwa dole ne a kira sunan mai yin sa.

Kowane alkawari yana bukatar abu huɗu: wa zai yi, me zai yi, yaushe, kuma ta yaya za a san an yi. Na huɗun ne aka fi mantawa, kuma shi ne ke hana sabuwar gardama. Bari mu bi maganar takardun nan daki-daki. Adadi da lokutan da zan sa misali ne, ki musanya su da abin da suka faɗa da bakinsu.

A zaman, mai yiwuwa abin da ya ce shi ne zai riƙa kawo takardun a kan lokaci in sha Allah. In sha Allah tana nan daram, amma ba ta maye gurbin agogo. Ki tambaye shi: ƙarfe nawa zai yiwu maka? Ya ce ƙarfe 4:30 na yamma. Kafin ki rubuta, ki tambayi abin da aiki zai tambaya. Lokacin kaka, motocin da suka kwaso wake daga ƙauyukan Madarumfa da Gidan Rumji ba sa duba agogon ofis, kuma mai sayen da zai yi lodi zuwa iyakar Ɗan Isa yana iya gama ɗaurin kaya bayan magariba. Takardar wannan lodi fa? Idan ba ki rubuta ba, ranar farko da aka yi lodin dare ita za ta ce ya karya alkawari, shi ya ce ai ofis a rufe yake. Don haka alkawarin kashi biyu ne: duk kayan da suka fita kafin ƙarfe 4, takardarsu ta isa ofis kafin 4:30 a ranar, wanda ya fita bayan haka, kafin ƙarfe 9 na safiyar ranar aiki ta gaba. Ki kuma tuna da Juma'a, idan ana tashi da wuri a wurinku, ki sa mata nata lokacin.

To ta yaya za a san ya kai? Nan ne alkawarinta ya shigo, kuma nan ne takardar ke samun daidaito ba tare da an ƙirƙiro mata wani aiki don a faranta masa rai ba. Takardun fitar da kaya, waɗanda ake ce wa bon, suna da lamba a jere. Sai a ajiye ƙaramin littafin karɓa a teburinta: ya kawo lamba 231 zuwa 238, ta rubuta lambobin da ranar da lokacin, ta sa hannu a gabansa. Idan ba ta nan, a faɗi wanda zai karɓa a madadinta, ko a yarda ya ɗauki hoton takardun ya tura mata ta WhatsApp, lokacin da ke jikin saƙon ya zama shaida, asalin takardun su biyo baya da safe. Da wannan littafi, gardamar "na kawo" da "ban gani ba" ta mutu, domin ba sai an nemi shaidar mai gadi ba.

Haka za ki yi da ɗaya batun. Abin da ya ƙona masa rai ba tambayar ba ce, wurin da aka yi ta ne. Mai mangaza mutum ne da amanarsa ita ce jarinsa, kuma maganar da aka yi a gaban 'yan dako kafin la'asar ta zaga kasuwa. Amma ita ma aikinta ne ta tambaya, kuma ba za a rubuta abin da zai ɗaure mata baki ba. Sai a tsara hanya: idan ta ga bambanci, ta fara sanar da shi, su biyu, cikin ranar aiki ɗaya, shi kuma ya kawo bayani da takardunsa cikin kwana biyu na aiki, idan bayan haka lissafin bai haɗu ba, su je wurin shugaba tare. Kalmar "tare" tana da aiki a nan. Ita ce ke hana ɗaya ya riga ɗaya zuwa ya shafa wa shugaba labari.

Ki lura da bambancin jerin aiki da sharaɗi. Cewa zai kawo bayani cikin kwana biyu bayan ta sanar da shi, jerin aiki ne, dole wannan ya bi wancan. Amma cewa zai riƙa kawo takardu idan ta riƙa girmama shi, sharaɗi ne, kuma guba ce a cikin yarjejeniya. Ranar da ya ga ta ɗaure fuska, ya samu lasisin ajiye nasa alkawarin, ita kuma ta ce tunda ya fasa ita ma ta fasa. Kowane alkawari ya tsaya da ƙafarsa. Idan ɗayansu ya nace sai an sa sharaɗi, alama ce bai yarda ɗan'uwansa zai cika ba, kuma amsar wannan tsoro ita ce ranar bita, ba sharaɗi ba.

Yanzu buhunan waken. A nan ne nake so ki yi taka-tsantsan fiye da ko'ina. Mu ce littafinta ya nuna buhu 412, ƙidayar mangaza ta nuna 405. Buhu bakwai ba su zama sata ba tukuna. Ana sayo wake da tiya a ƙauye a buhunan da ba su cika ba, a zo a sake ɗurawa a buhun kilo 100, adadin buhuna ya ragu alhali nauyi na nan. Wake ɗanye yana rage nauyi idan ya bushe. Ana iya kai wasu buhuna wata mangaza ba a rubuta ba, ko kuma takardar wani lodi na nan a aljihun direba. Amma ko mene ne dalilin, kayan ƙungiya ne, ba na su biyun ba, saboda haka ba su da ikon yafe wa juna shi, ke ma ba ki da ikon rufe shi da sulhu. Kada ki rubuta an warware maganar buhuna idan ba a ƙirga ba. Kada kuma ki rubuta an samu ɓatan buhu bakwai, domin wannan sakamakon bincike ne, ke kuwa ba bincike kika yi ba. Kuma kada ki yi shiru a kai, don kada a kashe maciji ba a sare kansa ba. Ki rubuta gaskiyar inda aka tsaya: wannan zama bai yanke komai ba kan bambancin lissafin da ake magana a kai, za a yi ƙidaya ranar kaza, su biyu da mutum na uku da shugaba zai zaɓa, kuma sakamakon zai bi hanyar da ƙungiya ta saba. Wannan layin yana kare shi daga a ce ya amsa, yana kare ta daga a ce ta janye, yana kuma kare ki ranar da masu binciken kuɗi suka zo. Haka abin yake ga duk maganar da ta fi ƙarfin sulhun ofis, kamar duka, ko neman mace da matsi a wurin aiki, ko almundahana da ta tabbata: ba a binne su a cikin irin wannan takarda.

Wani abin da ke rushe yarjejeniya shi ne ɗora alkawari a kan wanda ba ya ɗakin. Za su iya cewa ai da direba yana dawo da takardar da aka sa wa hannu da wuri, da shugaba ya sayo sabon littafin bon kafin tsohon ya ƙare, da duk wannan bai faru ba. Wataƙila gaskiya ne. Amma direba bai sa hannu ba. Abin da za ki iya rubutawa shi ne abin da ke hannun masu sa hannun: su biyun za su kai wa shugaba wannan buƙata a rubuce kafin ranar kaza. Idan ke ce kika ɗauki wani aiki, kamar samar da littafin karɓa, ki rubuta shi da sunanki da ranarsa, a wani sashe dabam da nasu.

Maganar haƙuri da yafiya tana da wuyar sha'ani a wurinmu. Sau da yawa a irin wannan zama ƙarami ne ke ba da haƙuri, ko mace, ba don laifinsa ya fi ba sai don shekaru da kunya. Idan ta ce masa "Baba, ka yi haƙuri" saboda ya haife ta, sannan kika rubuta akanta ta nemi gafara, kin mai da ladabi ya zama amsa laifi, kuma ranar da aka zo maganar ƙarin girma wani zai iya zaro takardar. A ganina a bar haƙuri a inda aka ba da shi, a baki. Idan dukansu suna son ya fito a rubuce, layi ɗaya da ya haɗa su ya isa: sun yafe wa juna abin da ya wuce. Shi ma sai kin tambayi kowannensu shi kaɗai ko ya yarda a sa. Sunaye kuwa, ki ba kowa girmansa iri ɗaya. Kada wannan ya zama Alhaji wane da cikakken muƙami, waccan a kira ta da sunanta tsirara. Wanda kika fara ambata a sashe na farko, ki fara da ɗayan a sashe na biyu.

Ki ƙirga alkawuran idan kin gama. Ba dole su zo daidai ba, uku da biyu ba komai. Amma idan kika ga shida a kan mutum ɗaya, ɗaya a kan ɗayan, ki tsaya. Ko dai zaman ya zama kotu ba ki lura ba, ko mai kunyar cikinsu ya yi ta cewa "to" don a tashi. Wanda ya sa hannu a kan irin wannan ba ya musu, sai dai ya ƙi aikatawa. Gaba ɗaya kuma kada su wuce biyar zuwa bakwai, a shafi ɗaya. Abin da mutum ba zai iya riƙewa a ka ba yana tsakiyar lodi, ba zai yi shi ba.

Ga yadda za ta iya kasancewa. Inda na sa muƙami, ki sa cikakken suna tare da muƙamin:

"Ranar Alhamis 30 ga Oktoba 2025, a ofishin ƙungiya da ke Maradi, mai kula da mangaza da akanta sun zauna bisa yardarsu, tare da mai kula da harkokin ma'aikata a matsayin mai shiga tsakani. Sun tattauna kan yadda takardun fitar da kaya ke isa ofishin lissafi, da yadda ake tayar da magana idan an ga bambanci a lissafin kaya. Sun cimma abubuwan da ke ƙasa, waɗanda za su fara aiki ranar Litinin 3 ga Nuwamba 2025.

1. Mai kula da mangaza zai kai takardun kayan da suka fita kafin ƙarfe 4 na yamma ofishin lissafi kafin ƙarfe 4:30 a ranar. Na kayan da suka fita bayan haka, zai kai kafin ƙarfe 9 na safiyar ranar aiki ta gaba.

2. Akanta za ta rubuta lambobin takardun da lokacin karɓa a littafin karɓa, ta sa hannu a gabansa. Idan ba ta ofis, zai tura mata hotonsu ta waya a kan wannan lokaci, ya kai asalin da safe.

3. Idan akanta ta ga bambanci, za ta sanar da mai kula da mangaza a ofis, su biyu, cikin ranar aiki ɗaya.

4. Mai kula da mangaza zai kawo bayani da takardu cikin kwana biyu na aiki. Idan lissafin bai haɗu ba, za su je wurin shugaba tare.

5. Wannan zama bai yanke komai ba kan bambancin lissafin wake na watan Oktoba. Za su halarci ƙidaya ranar Juma'a 7 ga Nuwamba 2025 tare da wanda shugaba zai zaɓa.

6. Mai shiga tsakani za ta samar da littafin karɓa kafin 3 ga Nuwamba. Za a zauna bita ranar Alhamis 4 ga Disamba 2025 da ƙarfe 10 na safe. Kafin wannan rana, duk wanda ya ga wani sashe ba ya tafiya zai fara gaya wa ɗan'uwansa, idan bai gyaru ba ya nemi mai shiga tsakani ta kira zama cikin kwana uku na aiki.

Wannan takarda ba ta ɗora wa kowa laifi ba, kuma ba matakin ladabtarwa ba ce. An yi ta kwafi uku."

Kada ki ƙara komai daga kanki, ko da shawara ce mai kyau. Idan kina rubutu wata dabara ta zo miki, kamar a riƙa ƙidaya kowane ƙarshen wata, ki kawo ta a zaman karatu a matsayin tambaya. Suka karɓa, ta shiga. Suka yi shiru, ki bar ta. Haka abin da ɗayansu ya gaya miki a keɓe, kamar rashin lafiyar iyali da ke sa shi fita da wuri: ba ya shiga takarda sai da izininsa, kuma galibi ba a bukatarsa.

Ranar sa hannu, ki ba su daftarin a lokaci ɗaya. Idan kika nuna wa ɗaya da safe ya yi gyara, ɗayan ya gani da rana, ko gyaran waƙafi ne kin rasa amincewarsa. Ki karanta da babbar murya, sashe-sashe, bayan kowane sashe ki tambayi mai alkawarin ya faɗa da kalmominsa abin da zai yi. A nan ake gano cewa shi ya ɗauka kwana biyun har da Asabar, ita kuma ta ɗauka ban da ita. Sai maganar harshe. Takardun ofis da yawa a nan da Faransanci ake rubuta su, zaman kuwa da Hausa aka yi. Idan ɗayansu ya fi ɗayan ƙarfin Faransanci, takardar Faransanci kaɗai ta riga ta karkata tun kafin a karanta. Ki rubuta da harshen da aka yi maganar. Idan dole sai an ajiye ta Faransanci, a yi biyun, a faɗa a ciki wadda za a koma wa idan an samu saɓanin fassara. Kowa ya sa hannu da kwanan wata, ke ma ki sa a matsayin shaida, ba a matsayin mai ba da umarni ba. Wanda ya ce yana son ya kwana da ita ya yi tunani, ki bar shi. Hannun da aka sa cikin matsi ba ya riƙe komai.

Kwafi uku: nasa, nata, naki a aljihun tebur mai makulli. Ki yarda da su tun a ɗakin kan abin da za a gaya wa shugaba. Yawanci ya isa a ce masa an zauna, an cimma matsaya, ga ranar ƙidaya da ke bukatar ya zaɓi mutum, ga ranar bita. Kada takardar ta shiga fayil ɗin aikin kowa, domin duk wanda ya buɗe fayil bayan shekara uku ya ga takardar sulhu, abin da zai riƙe shi ne wannan mai rigima ne. A nan akwai wani abu game da kujerarki da ya kamata ki faɗa musu ƙarara: ke ce mai shiga tsakani, ke ce kuma mai harkokin ma'aikata. Ki gaya musu abin da za ki iya riƙewa a sirri da abin da aikinki ya tilasta miki kaiwa gaba, kamar sakamakon ƙidaya. Rubuce-rubucen da kika yi lokacin zaman, ki yaga su bayan an sa hannu.

Ta fuskar doka, wannan takarda alkawari ce tsakanin abokan aiki, ba ta canza kwangilar aikin kowa ba, ba ta kuma cire wa kowa haƙƙinsa a ƙarƙashin dokar aiki ta Nijar, wato doka mai lamba 2012-45 ta 25 ga Satumba 2012. Don haka kada ki sa layin da ke cewa wani ya yafe haƙƙin kai ƙara. Sulhun da sufeton aiki ke yi wani abu ne dabam, na rigimar ma'aikaci da wanda ya ɗauke shi aiki, kuma yana da tasa takardar. Idan akwai kuɗi a tsakaninsu, misali bashin jika 150 da ɗaya ya ci wa ɗaya, kada ki cusa shi cikin wannan. A yi masa takardarsa dabam da adadi da ranakun biya. Dokar bai-ɗaya kan sasanci ta Ohada, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, wadda aka zartar a Konakiri ranar 23 ga Nuwamba 2017 kuma Nijar na cikin ƙasashen da take aiki, ta ba da hanyar kai yarjejeniyar sasanci kotu ta tabbatar da ita don a iya tilasta cika ta. Wannan na da amfani ga bashi, amma babu mai zuwa kotu a kan kai bon ƙarfe 4:30.

Ranar bita, kada ki buɗe da tambayar yaya zaman naku, domin amsar ita ce "lafiya lau" ko da wuta na ci. Ki buɗe littafin karɓa. Daga 3 ga Nuwamba zuwa 3 ga Disamba akwai ranakun aiki 23 idan ba ku aiki Asabar. Ki duba ranaku nawa aka cike. Idan makon farko cike yake, na biyu da giɓi, na uku babu komai, ba lalle mugun nufi ba ne. Galibi lokacin da aka sa ne bai dace da aikin ba, sai a mai da 4:30 ya zama 5, a rubuta gyaran a ƙasan takardar, su sake sa hannu da kwanan wata. Alamar da ta fi wannan muni ita ce littafi cike tsaf amma yaron mangaza ne ke kawo takardun, ko komai ya koma saƙon waya alhali ofisoshinsu na kallon juna. Wannan na nufin suna cika takarda suna gudun haɗuwa, kuma sashe na 3 ba zai yi aiki ba ranar da aka bukace shi. Idan kika ga haka, ki gana da kowannensu shi kaɗai na minti goma kafin ki haɗa su, ki tambaye shi wane sashe ne ya fi masa nauyi, sannan ki sa wata ranar bita bayan mako biyu maimakon wata guda.